Duniyoyi 2,048 a cikin kwamfuta mai kilobayit 32

A watan Satumba na 1984 kamfanin Acornsoft na Birtaniya ya fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Elite. Ɗalibai biyu na Jami'ar Cambridge ne suka rubuta shi, David Braben da Ian Bell. Wanda ya kunna wasan zai tsinci kansa a matsayin matuƙin wani ƙaramin kumbo mai suna Cobra Mk III, a tashar sararin samaniya da ke zagaya wata duniya da ake kira Lave, da ɗan jarin da bai wuce Cr 100 na kuɗin wasan ba. Daga nan babu mai gaya masa inda zai nufa. In ya ga dama ya yi fatauci, in ya ga dama ya yi farautar 'yan fashi don a biya shi lada, in kuma ya zaɓi ya zama ɗan fashin da kansa, hanya a buɗe take. A gabansa akwai gungun taurari guda 8, kowane gungu da duniyoyi 256, jimilla 2,048. Kowace tana da sunanta, da mazauninta a taswira, da irin gwamnatinta, da yawan jama'arta, da kasuwarta.

Kwamfutar da aka rubuta wasan dominta ita ce BBC Micro samfurin B, wadda ta cika makarantun Birtaniya a wancan zamani. Ƙwaƙwalwarta ta aiki kilobayit 32 ce kacal, wato bayit 32,768. Bayit ɗaya yana ɗaukar harafi ɗaya ne, ko lamba ɗaya daga 0 zuwa 255. Rubutun nan da kake karantawa, da za a zuba shi a cikinta, sai ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka ta sau da dama. Kuma ba duka ƙwaƙwalwar ce ta rage wa wasan ba, domin hoton da ke kan allo shi ma a cikinta yake zaune, yana cin kusan kilobayit 8. Abin da ya saura wa wasan gaba ɗaya, da zanen jiragensa da faɗansa da cinikinsa, bai wuce kamar kilobayit 22 ba.

Mu yi ɗan lissafi. Sunan duniya a Elite yana iya kai harafi 8. Da za a ajiye sunayen duniyoyi 2,048, kowanne da gurbin harafi 8, ana buƙatar bayit 16,384, rabin ƙwaƙwalwar ke nan, kuma sunaye kawai aka ajiye. In aka ƙara wa kowace duniya bayit 8 na mazauni da gwamnati da tattalin arziki da sauransu, an kai 32,768 daidai. Kwamfutar ta cika maƙil, babu wurin wasan kansa. Ke nan ajiye waɗannan duniyoyi ba abu ne mai yiwuwa ba. Braben da Bell ba su ajiye su ba. Abin da suka ajiye lambobi uku ne da ƙa'idar sarrafa su.

Lambobi uku da haɗawa

Lambobin su ne 23114 da 584 da 46931. Kowace tana cin bayit biyu, duka bayit shida. Masu rubuta manhaja suna kiran irin waɗannan lambobi iri, domin kamar ƙwayar gero suke: ƙanƙanuwa ce a tafin hannu, amma kara da ganye da zangarniya duk daga cikinta za su fito, kuma gero ne zai fito ba dawa ba. Ƙa'idar da ake bi da su ba ta fi ƙarfin ɗan firamare ba. A haɗa lambobin uku. In jimillar ta kai 65,536, a cire 65,536 daga ciki, domin bayit biyu ba sa ɗaukar abin da ya kai haka. Sai a jefar da lamba ta farko, sauran biyun su matso gaba, jimillar ta zama ta uku. Wannan shi ne juyi ɗaya.

```
sabo = (a + b + c) mod 65536
a = b
b = c
c = sabo
```

Akwai dalilin da ya sa aka zaɓi haɗawa. Injin lissafin da ke cikin BBC Micro, wato 6502, ba shi da umarnin ninkawa ko rabawa. Duk wanda ke son ya ninka lambobi biyu sai ya rubuta wani ɗan shiri mai cin wuri da lokaci. Haɗawa kuwa aikinsa ne na kullum, yana gamawa cikin ƙiftawar ido.

Bari mu bi duniya ta farko mataki-mataki, domin a nan ne za a ga dabarar tana aiki. A cikin wasan akwai wani ɗan jadawali na gaɓoɓi 32 masu harafi bibbiyu, irin su LE da XE da ZA da BI da LA da VE, kowace da lambarta daga 0 zuwa 31. Don samun gaɓar farko ta suna, sai a ɗauki lamba ta uku, 46931, a raba da 256, a yar da ragowa. An sami 183. A raba 183 da 32, wannan karon ragowar ake so, ita ce 23. Gaɓa ta 23 a jadawalin ita ce TI.

Sai a yi juyi. 23114 da 584 da 46931 sun ba da 70629, an cire 65,536, saura 5093. A raba da 256, an sami 19, gaɓa ta 19 kuwa ita ce BE. A sake juyi, sabuwar lamba 52608 ce, ta ba da 205, ragowarta 13, wato DI. Juyi na gaba ya fito da 39096, ya ba da 152, ragowa 24, wato ED. A jera su: TI, BE, DI, ED. Duniya ta farko a gungun farko na Elite sunanta Tibedied, kuma duk wanda ya taɓa buɗe taswirar wasan zai same ta a can gefen hagu. Babu inda aka rubuta wannan suna a cikin wasan. Lissafi ne ke haifar da shi duk lokacin da aka buƙace shi.

Sauran bayanan duniyar ma daga lambobin nan uku ake yanko su. In aka raba 584 da 256 za a sami 2, shi ne nisanta daga gefen hagu na taswira, abin da ya sa take can bakin iyaka. In aka raba 23114 da 256 za a sami 90, shi ne mazauninta daga sama zuwa ƙasa. Wani yanki na 584 yana ba da lamba daga 0 zuwa 7, wadda ke nuna irin gwamnati. Ga Tibedied lambar 1 ce, allo kuma ya rubuta Feudal, mulkin masu mallakar ƙasa. Ragowar 90 in an raba da 8 ita ce 2, wadda ke nufin ƙasa mai masana'antu amma matalauciya. Da an gama juyi huɗu, lambobi ukun da suka rage a hannu su ne irin duniya ta biyu. Haka ake tafiya har 256. Lave, inda ɗan wasa ke farawa, ita ce ta takwas a jerin, sai an yi juyi 28 kafin a iso gare ta.

Abin da aka yi a nan musaya ce: an biya da lokaci don a tsira da wuri. Duk sa'ad da ɗan wasa ya buɗe babbar taswira, kwamfutar tana komawa kan lambobin farko ta bi duniyoyi 256 ɗaya bayan ɗaya, tana saka ɗigo a mazaunin kowace. In ya kai alamar zaɓi wani wuri ya nemi sunan tauraron da ya fi kusa, ta sake bin jerin daga farko. A kowane lokaci duniya ɗaya ko biyu ce kawai ke zaune a ƙwaƙwalwa, wadda ake ciki da wadda aka nufa.

Gungu takwas ɗin ma ba a ajiye musu iri takwas ba. Bayit ɗaya yana da gurabe takwas, kowanne 0 ne ko 1. In ɗan wasa ya sayi na'urar tsallakawa zuwa gungu na gaba, wadda kuɗinta Cr 5000 ne, sai wasan ya ɗauki kowane bayit cikin shidan nan ya gusar da gurabensa taki ɗaya zuwa hagu, wanda ya faɗo daga ƙarshe ya koma farko.

```
01001010  ->  10010100
```

Sababbin lambobi sun fito, sababbin duniyoyi 256 sun samu. In aka gusar sau takwas, kowane bayit ya koma yadda yake, shi ya sa wanda ya bar gungu na takwas yake komowa na farko.

Me ya sa mutane suka yarda da ita

Zuba lambobi barkatai abu ne mai sauƙi, kuma ba ya sa kowa ya ji yana cikin wata duniya. A ganina, abu biyu ne suka ba duniyar Elite nauyi. Na farko shi ne tabbatuwa. Tun da irin ɗaya ne a kowane kaset da kowane faifai da aka sayar, taswirar yaron da ke London ita ce ta yaron da ke Glasgow. In ɗaya ya ce wa ɗaya kada ka kuskura ka shiga Riedquat da kaya, 'yan fashi sun yi yawa, wancan zai je ya tarar haka ne. Wurin da ka bari yau za ka same shi gobe a inda yake, da sunansa da halinsa. Mutum yana yarda da wuri ne idan ya koma ya same shi, kuma wani ya ba shi labarinsa ya zo daidai.

Na biyu shi ne marubutan ba su bar lambobin su yi abin da suka ga dama ba, sun ɗaure wasu da wasu. Duniyar da ba ta da gwamnati sam, wadda allo ke kira Anarchy, ko wadda ke ƙarƙashin masu mallakar ƙasa, ba za ta taɓa fitowa a matsayin mai arziki ba, akwai ɗan umarni ɗaya da ke hana haka. Matsayin ci gaban fasaha ba a zaɓarsa shi kaɗai, ana gina shi ne a kan tattalin arziki da gwamnati: masana'antu suna ɗaga shi, tsayayyar gwamnati tana ƙara masa. Yawan jama'a kuma ana fitar da shi daga waɗannan ukun. Ga Tibedied lissafin yana ba da matsayin fasaha na 9 da mutane biliyan 3.6. Saboda wannan ɗauri, ɗan wasa yana iya duban bayanan duniyar da bai taɓa zuwa ba ya yi hasashen abin da zai tarar, hasashen kuma ya fito daidai.

Kasuwa ma haka take. Kayan ciniki iri 17 ne, daga abinci da tufafi da giya zuwa injuna da kwamfutoci da zinariya. Kowanne yana da farashin tushe ɗaya, sai a ɗaga shi ko a sauke shi gwargwadon tattalin arzikin wurin, sannan a ƙara ɗan canji daga wata lamba da ake zaɓa lokacin da ka iso. A duniyar manoma abinci yana da araha, injuna da tsada. A duniyar masana'antu kuwa akasin haka ne. Lave ƙasar noma ce, tan ɗin abinci a farkon wasa Cr 3.6 ne, kwamfutoci kuwa sun kusa Cr 90. Daga wannan ɗan jadawali ɗaya kasuwanni 2,048 suka fito, kuma fataucin yana da ma'ana: ka loda amfanin gona ka kai wa masu masana'antu, ka komo da kayan ƙira.

An ruwaito cewa Braben da Bell sun so su bar gungun taurarin su kai iyakar abin da bayit shida zai iya bayarwa, sama da tiriliyan 280, amma Acornsoft ta ce a tsaya a takwas, domin yawan da ya wuce hankali zai tona cewa duk lissafi ne. Ina ganin kamfanin ya yi daidai. Duniyoyi 2,048 adadi ne da mutum zai iya riya cewa wata rana zai zagaye su. Wannan riyawar ce ke sa ya ji girman abin.

Sararin da ba ya nan

Taswira ɓangare ɗaya ce. Akwai kuma abin da ido ke gani ta gilashin kumbo, kuma a nan ma akwai dabara. A cikin Elite kumbon ɗan wasa ba ya motsi ko kaɗan. Yana tsaye a tsakiya, duk sauran abubuwa ne ake matsarwa ana juyawa kewaye da shi. In ka karkata hagu, wasan ne ke juya komai zuwa dama. Kwamfutar tana lura ne kawai da ɗan yankin da ke kewaye da kai, kuma a bugun kaset gurabe 12 ne kacal aka tanada don abubuwan da ke cikinsa. Ɗaya na duniyar da kake dosa ne, ɗaya na rana, goma na jirage da duwatsu da makamai masu linzami. Jirgin da ya yi nisa sosai sai a share shi daga ƙwaƙwalwa, a ba wani gurbinsa. 'Yan fashin da suka far maka ba daga wani sansani suka taso ba. Wasan ne ya jefa ƙuri'a, ya duba irin gwamnatin wurin, ya ƙirƙiro su can nesa a bakin yankinka.

Har rana da tashar sararin samaniya gurbi ɗaya suke rabawa. Da ka kusanci duniya tashar ta bayyana, ranar ta ɓace, da ka yi nisa ta dawo. 'Yan wasa da yawa sun shekara suna wasan ba su lura ba, domin wanda ke ƙoƙarin shiga tasha ba ya waiwayen rana. Gudun da kake ji kuwa ɗigo 18 ne ke kawo shi, 'yan ƙurar taurari da ke tasowa daga tsakiyar allo suna bazuwa zuwa gefe. Wanda ya fita daga allo sai a maido shi ta wani wuri. Su kansu jiragen layuka ne farare a kan baƙi, babu fenti babu inuwa, an dai ɓoye layukan da ke bayan jirgi don ya yi kama da abu mai jiki. Zaɓen sararin samaniya ya taimaka ƙwarai, domin wuri ne da kowa ya san yawancinsa duhu ne da fili, don haka baƙin allo bai zama naƙasa ba.

Nisa sai da wahala

Duk wannan lissafi da bai sa kowa ya ji faɗin wurin ba in da ana iya zuwa ko'ina da danna maɓalli ɗaya. Tankin kumbon yana ɗaukar man tafiyar shekarun haske 7 ne kawai, kuma babu kuɗin da zai ƙara masa girma. A kan ƙaramar taswira akwai da'ira kewaye da inda kake, duk abin da ke wajenta ba ka isa gare shi a tsalle ɗaya ba. Daga Lave 'yan maƙwabta ne ke cikin da'irar, irin su Diso da Leesti da Zaonce. Ƙetare gungu daga gefe zuwa gefe yana buƙatar zango da yawa, kuma kowane zango aiki ne.

In ka yi tsalle, ba a bakin tasha ake sauke ka ba. Can nesa kake fitowa, duniyar tana 'yar da'ira a gabanka. Akwai maɓallin J da ke gajarta tafiyar, amma ba ya aiki muddin akwai wani jirgi kusa, don haka in 'yan fashi suka bayyana sai ka yi faɗa ko ka yi ta gudu. Ka iso kuma, ga babbar jarrabawa: tashar tana juyawa a kan kanta, ƙofarta siririyar kafa ce, sai ka daidaita juyin kumbonka da nata kafin ka kutsa. Kuskure kaɗan ka mutu. Na'urar da ke yi maka wannan aiki Cr 1000 ce, ninki goma na jarinka na farko. Kuma ba a adana wasa sai a cikin tasha, saboda haka wanda ya mutu a hanya ya rasa duk abin da ya samu tun daga adanawarsa ta ƙarshe. Wanda ya sha wannan wahala sau ashirin don ya isa wani yanki na taswira, ba sai an gaya masa wurin da nisa ba.

Kafin Acornsoft, kamfanin Thorn EMI ya ga wasan ya ƙi shi. Abin da aka saba da shi a lokacin shi ne wasa mai rai uku da maki, wanda ake gamawa cikin mintoci. Elite kuwa matsayi yake bayarwa, daga Harmless zuwa Elite, kuma na ƙarshen sai an kakkaɓo jirage 6,400. Aikin makonni ne ko watanni.

An kuma bar wa zuciyar ɗan wasa nata aikin. A cikin kwalin akwai littafin koyon tuƙi da wani gajeren labari, The Dark Wheel, na Robert Holdstock. Littattafan sun ambaci abubuwan da ba sa cikin wasan sam, kamar manyan jirage masu tafiyar ƙarnuka da wata ɓoyayyiyar duniya mai suna Raxxla. 'Yan wasa sun yi ta nemansu, jita-jita tana yawo cewa wane ya gani. Tun da babu wanda ya zagaye duniyoyin duka, babu mai iya rantsuwa cewa ba sa nan.

Inda dabarar ta tsaya

Duniyar da lissafi ya haifa ba ta gyaruwa ɗaya-ɗaya. Tun da kowace daga ta bayanta take fitowa, ba za ka iya canza sunan guda ɗaya ka bar sauran ba. Marubutan sun gwada iri daban-daban kafin su tsaya a kan wanda suka fitar, kuma sun yar da wani gungu ɗungurungum saboda sunan wata duniya a ciki ya fito kalmar batsa a Turanci. Akwai kuma duniyoyin da lissafi ya jefa can gefe, nesa da kowace maƙwabciya fiye da abin da tanki ɗaya zai kai.

Babbar iyakar ita ce mantuwa. Wasan yana tuna kuɗinka da kayanka da makamanka da laifinka a wurin 'yan sanda, amma ba ya tuna abin da ka yi wa wani wuri. Ka kashe 'yan fashi ɗari a Riedquat, gobe tana nan yadda take. Ka saye abincin wata kasuwa kaf, in ka tafi ka dawo an sake lissafa shi daga tushe. Ba a sauka a kan kowace duniya, da'ira ce kawai a allo. Wanda ya daɗe yana wasan zai fara gane alamun: gaɓoɓin suna iri ɗaya suna ta dawowa, tashoshi kamarsu ɗaya, kuma bayanin da bugun faifai ke bayarwa game da kowace duniya jimloli ne da ake harhaɗawa daga guntaye ƙalilan. Wannan matsala ba ta mutu ba. Lokacin da No Man's Sky ya fito a 2016 da duniyoyin da ba sa ƙirguwa, ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen da aka yi shi ne bayan 'yan kwanaki duk sun fara kama da juna.

A Japan an bi wata hanyar dabam. The Legend of Zelda na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 1986, ƙasarsa da hannu aka zana ta: allo 16 a kwance, 8 a tsaye, jimilla 128. Kowane allo yana da murabba'i 16 a kwance da 11 a tsaye. Da za a ajiye kowane murabba'i da bayit ɗaya, ana buƙatar bayit 22,528. Maimakon haka sai aka tanadi jerin ginshiƙai, kowanne tsiri ne na murabba'i 11 daga sama zuwa ƙasa, misali dutse a sama, fili a tsakiya, itace a ƙasa. Kowane allo sai ya zama jerin lambobin ginshiƙai 16 kawai, ana maimaita ginshiƙi ɗaya a wurare da yawa, ana canza launi don daji ya zama maƙabarta ko hamada. Allo 128 ba su kai ko kusa da 2,048 ba, amma Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka sun ɓoye ƙofofi a ƙarƙashin itatuwa da cikin duwatsu, sun bar ɗan wasa ba tare da cikakkiyar taswira ba, har kowane allo ya zama abin tuhuma. Su sun sami girma ta hanyar ɓoyewa, Elite ya same shi ta hanyar nisa da haɗari. Dukansu biyu sun nuna wa ɗan wasa ɗan yankin da ke gabansa ne kawai, suka sa shi ya biya wani abu kafin ya ga na gaba.

Dabarar iri tana nan a aljihun yara da yawa a yau. Duk wanda ya buɗe sabuwar duniya a Minecraft zai ga gurbin da ake rubuta lamba, kuma in abokinsa ya rubuta lambar a bugu iri ɗaya, tsaunuka da koguna iri ɗaya zai samu. Bambancin shi ne wayar yau tana da wurin ajiye duk abin da ka haƙa ko ka gina, abin da BBC Micro ba ta da shi.

Mai karatu da ke son ya tabbatar da kansa ya ɗauki biro da takarda. Lambobi uku na ƙarshe da muka samu a sama su ne 5093 da 52608 da 39096. Ka haɗa su, ka cire 65,536 in ya kama, ka raba da 256, ka nemi ragowar 32. Ka yi juyin sau uku a jere. Amsoshin da ya kamata ka samu su ne 26 da 0 da 19. A jadawalin wasan 26 ita ce QU, 0 ba ta ba da harafi, 19 kuwa mun riga mun san BE ce. Duniya ta biyu a gungun farko na Elite sunanta Qube.